Sanarwar kukis da ba ta tare komai

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Gumi, Kaduna. Yaron da ya haɗa min shafin intanet ya sa Google Analytics da Meta Pixel, masu bin sawun baƙin shafin, yanzu ya ce sai na ƙara kuɗi a rubuta ƙa'idar sirri da sanarwar kukis. Ba zan iya kwafo ta wani shafin ba?

Amsa: Hajiya, kada ki kwafo. Takardar nan bayani ne na abin da ke kanki kike yi da bayanan masu saye, kuma ta wani za ta sa ki faɗi abin da ba haka yake ba. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, hukumar NDPC ce ke kula da ita. Tarar ƙaramin ɗan kasuwa tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya shigo masa a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Rubutun ba wuya. Ki faɗi sunan shagonki, da abin da kike karɓa, wato suna da lambar waya da adireshin kai kaya, da dalilin karɓa, da tsawon lokacin ajiyewa. Ki ambaci Google da Meta da sunansu, tunda bayanai na fita waje zuwa gare su, haka ma kamfanin da ke karɓar miki kuɗi da masu kai saƙo. Sai inda mutum zai tuntuɓe ki idan yana so a goge nasa.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne sanarwar kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a na'urar baƙo don a gane shi. Sau da yawa akan manna akwati mai maɓalli ɗaya na amincewa, alhali Pixel ya riga ya kai rahoto tun mutum bai taɓa komai ba. Wannan ƙofa ce aka kafa a fili babu katanga. Dole akwatin ya riƙe Analytics da Pixel har sai baƙo ya yarda, kuma maɓallin ƙi ya fito sarari kamar na yarda.

Kafin ki biya, ki zaunar da yaron ya gwada a gabanki da kwamfuta. Ya buɗe Chrome a `Incognito`, ya shiga shafin, kada ya taɓa akwatin. Ya danna `F12`, ya shiga `Application`, sannan `Cookies`. Idan kika ga `_ga` ko `_fbp`, aiki bai yi ba. Na farkon na Google ne, yana iya zama sama da shekara ɗaya a na'urar mutum, na biyun na Meta ne, kwana 90. Ya danna ƙi, ya sake loda shafin, ku sake dubawa. Sai bayan an yarda ya kamata su bayyana.

Ki sani tun yanzu, yawan baƙin da Analytics ke nuna miki zai ragu, don wanda ya ƙi ba zai shiga lissafi yadda aka saba ba. Kada ki tayar wa yaron da hankali, ki duba littafin cinikinki tukuna.