Ɗakin makaranta ko hayar gida a waje: me zan duba kafin in sa hannu?

Tambaya: "Malam, na samu gurbin karatu a jami'a. Ni da abokaina uku mun ga gida mai ɗaki huɗu a wajen makaranta, kuɗinsa na mako bai kai na ɗakin kwanan ɗalibai ba. Dillalin ya ce mu biya cikin satin nan ko a ba wasu. Ita kuma makaranta za ta rufe karɓar masu neman ɗaki nan da kwana goma, kuma ba tabbas zan samu. Wanne zan ɗauka, me kuma zan duba a takardar hayar?"

Amsa: Ƙanena, abu na farko, ka cike takardar neman ɗakin makaranta yau, ko da zuciyarka ta fi karkata ga gidan waje. A yawancin jami'o'i neman ɗaki mataki ɗaya ne, karɓarsa kuma mataki ne na daban. Nema ba ya ɗaure ka. Abin da yake ɗaure ka shi ne lokacin da aka ba ka ɗaki, ka amsa ka karɓa, ka biya kuɗin kama wuri. Ka karanta ƙa'idar makarantarku ka tabbatar ko akwai kuɗin nema da ba a mayarwa, sannan ka miƙa. Gidajen haya suna ci gaba da fitowa har bayan an fara karatu, amma ƙofar makaranta in ta rufe, sai dai a sa ka a jerin masu jira.

Kuma wa'adin ba ɗaya ba ne, a nan ne ɗalibai suka fi yin asarar ɗaki. Akwai ranar rufe nema, wadda kowa ya sani. Akwai kuma wa'adin amsa tayi, wanda yakan zama 'yan kwanaki kaɗan bayan an turo maka saƙon cewa ka samu. Wanda bai amsa ba, ko ya amsa bai biya ba, ɗakinsa yana wucewa ga na gaba a layi. Saƙon nan sau da yawa ta adireshin imel ɗin da ka yi rajista da shi yake zuwa, ko ta shafin ɗalibai na makarantar, don haka ka riƙa leƙawa kullum. Makarantu da dama suna fifita 'yan shekarar farko, amma fifikon yana aiki ne ga wanda ya nema kafin ranar rufewa. Ka tambayi ofishin kula da masaukin ɗalibai wace rana sakamako zai fito, domin wannan ranar ce za ta gaya maka tsawon lokacin da kake bukatar dillalin ya jira.

Yanzu ga batun araha. Kuɗin mako ba ya nuna wanda ya fi sauƙi, sai ka ninka shi da adadin makonnin da za ka biya. Yarjejeniyar ɗakin makaranta takan bi shekarar karatu, wato wajen mako 40, kuma galibi wuta da ruwa suna ciki. Ta gidan waje takan zama ta shekara cur, mako 52, ko kana nan ko ka tafi hutu.

Bari mu ɗauki misali da lambobi, ka sa irin kuɗin da kake kashewa a madadinsu. A ce ɗakin makaranta 120 ne a mako, na waje kuma 95. Na makaranta, 120 sau 40, ya kama 4,800, shi ke nan. Na waje, 95 sau 52, ya kama 4,940, ka ga tun a nan ya wuce. A ce kasonka na wuta da ruwa da intanet 12 ne a mako, na mako 40 ɗin da kake zaune ya zama 480. A ce kuɗin mota zuwa aji 10 ne a mako, wani 400 ke nan. Jimla 5,820. Gidan da ya yi kama da mai rangwamen 25 kowane mako ya fi ɗakin makaranta tsada da 1,020, ban da la'adar dillali da kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, ban da katifa da tebur in gidan babu kaya. Lissafin zai iya juyewa in gidan yana dab da makaranta, ko in dama za ka zauna lokacin hutu don aiki ko bincike, domin ɗakunan makaranta da yawa ana fita daga cikinsu in an rufe. Ka zauna da biro ka yi naka da ainihin lambobinka.

In lissafi ya nuna gidan waje, to sai takarda. Ka nemi a ba ka kwafinta ka tafi da ita gida kafin ka biya ko sisi. Mai gidan da ya ƙi a karanta yarjejeniyarsa a tsanake, ni dai ba zan ba ɗalibi shawarar shiga gidansa ba.

Abin da ya fi damuna a halin da kake ciki shi ne ku huɗu ne. Ka duba: takarda ɗaya za ku sa wa hannu gaba ɗaya, ko kowa da tasa ta ɗakinsa? In kowa da tasa, bashin wani ba ya kanka. In kuwa ɗaya ce, kusan kullum za ka tarar da jimlar da ke cewa 'yan hayar suna ɗauke da nauyin kuɗin a tare, kuma kowannensu yana ɗauke da shi shi kaɗai. Ma'anarta, mai gida ba ruwansa da yadda kuka raba a tsakaninku. A misalinmu gidan 380 ne a mako, wato 95 sau huɗu, kuma mai gida yana da ikon neman dukansa daga duk wanda ya fi sauƙin kamawa a cikinku. Mu koma misalinmu. Ɗaya daga cikin abokanka ya bar karatu bayan mako 20, saura mako 32. Kasonsa, 95 sau 32, ya kama 3,040. Ku ukun da kuka rage kowa zai ƙara fiye da 1,000, in kuma sauran biyun suka kasa, duka zai iya dawowa kanka. Ba sai abokinka ya kasance macuci ba, rashin lafiya ko sauya makaranta ko yankewar tallafi ya isa.

Wannan nauyin yana iya kaiwa har ga mahaifinka ko duk wanda ya tsaya maka. Takardar mai tsayawa wani lokaci tana ɗora masa hayar gidan baki ɗaya, shi kuma yana zaton ɗansa kawai ya tsaya wa. Ka nemi a rubuta a fili cewa kasonka kaɗai ya lamunta, kuma lamunin yana ƙarewa ranar da hayar ta ƙare. Masu gida da yawa suna yarda in an tambaya kafin sa hannu.

Daga nan sai ka nemi hanyar fita. Yarjejeniya mai ƙayyadadden wa'adi tana nufin ka ɗauki nauyin kuɗin har ranar ƙarshe, ko ka kwashe kayanka ka miƙa makulli. Ka duba ko akwai sharaɗin da ya ba ka damar yankewa a tsakiya, bayan wata nawa, da notis na kwana nawa. In babu, ka duba ko an yarda ka kawo wani ya maye gurbinka. Yawanci sai da amincewar mai gida a rubuce, kuma abin da kake so shi ne a cire sunanka a sa na sabon. In ka sa wani a ɗakin a ɓoye kana karɓar kuɗi a hannunsa, har yanzu kai ne ɗan hayar, ɓarnar da ya yi taka ce, kuma ka karya yarjejeniya. Ka karanta ƙarshen takardar ma: wasu suna sabunta kansu in ba ka ba da notis ba kafin wani lokaci, wasu kuma suna da sharaɗin ƙarin kuɗi.

Sai kuɗin ajiya, wanda rigima ta fi yawa a kansa ranar tashi. Takarda ta faɗi nawa ne, a hannun wa zai zauna, me za a iya cirewa daga ciki, da kwana nawa za a ɗauka kafin a mayar. Ka bambanta shi da kuɗin kama wuri da dillali yake nema yanzu. Wannan ka tambaya a rubuce ko za a dawo da shi in ka fasa, ko in su suka fasa, da kuma ko za a lissafa shi cikin haya. Abin da ke kare kuɗin ajiyarka shi ne takardar kayan gida da yanayinsu ranar shiga. Ku zaga ɗaki ɗaki tare da mai gidan, a rubuta tsagin bango, tabon katifa, famfon da ke ɗiga, tagar da ba ta rufuwa. Ka ɗauki hotuna, ka rubuta lambar da mitar wuta da ta ruwa suke nunawa, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Tsufan da kaya ke yi saboda amfani na yau da kullum ba ɓarna ba ne, amma in ba ka da shaidar yadda ka same su, maganarka ce kawai a gaban tasa.

Sauran sharuɗɗan ba sa bukatar dogon bayani. Ka ga wa ke gyaran rufi da wayoyin wuta da bututun ruwa, kuma ta wace hanya ake kai ƙorafi. Ka ga ko mai gida sai ya sanar kafin ya shigo. Duk alkawarin da aka yi maka da baki, kamar za a yi fenti ko za a sauya makulli, a shigar da shi takarda da ranar cikawa.

Game da matsin dillalin, gani ya kori ji: kada ka tura kuɗi kan gidan da ba ka shiga da ƙafarka ba, ko wanda ka amince da shi bai shiga ba. Ka tabbatar sunan da ke kan yarjejeniya na mai gidan ne ko na wakilin da ya ba izini, asusun da za ka biya ya dace da sunan, kuma a ba ka rasit. In akwai ɗalibai a gidan yanzu, ka tambaye su a bayan idon dillali ko ana gyara da wuri, da ko waɗanda suka tashi sun karɓi kuɗin ajiyarsu. Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka kai kwafin takardar ofishin masaukin ɗalibai ko ƙungiyar ɗalibai su duba maka.

Ra'ayina, ga ɗan shekarar farko da bai san gari ba, bai kuma taɓa zama gida ɗaya da abokan nan ba, ɗakin makaranta ya fi, ko da za ka haƙura da cunkoso da dokokin baƙi da na girki. Ka gaya wa dillalin ranar da sakamakon makaranta zai fito, ka nemi ya jira zuwa ranar. Kada ka sa hannu a waje sannan ka karɓi na makaranta, domin yarjejeniya biyu ke nan a kanka, kuma kowacce za ta nemi kuɗinta. In bai jira ba, ka bar gidan ya tafi, ka nemi jerin masu gidajen da ofishin masauki ya tantance, ka fara da waɗanda ke ba kowane ɗalibi takardar ɗakinsa daban.