Ruwan banki da faduwar naira

Tambaya: A Garwa nake. A ce ruwan ajiya a naira 20% ne a shekara, a sefa 5%, kuma naira 2.5 ce sefa daya. Nawa ake sa ran naira za ta fadi?

Amsa: Malam, ka'idar masana tattalin arziki ta ce bambancin ruwa shi ne faduwar da kasuwa ke hasashe, kusan 15%. Lissafin daidai kuwa:

2.5 × (1.20 ÷ 1.05) = 2.857

Wato badi sai ka ba da naira 2.86 kafin ka sami sefa daya, karin 14.3%. Duba: sefa 100,000 ta zama naira 250,000, da ruwa 300,000. Ka canza a 2.857, ka dawo da sefa 105,000, daidai da wanda bai tsallaka iyaka ba.

Amma fa hasashe ne, babu yarjejeniyar farashi tun yau. In naira ta kai 3.2, sefa 93,750 za ka rike, har uwar kudin ta tabu.