Na soke rajista, amma ana bi na bashin wata biyar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Tudun Wada, Gusau. Na yi rajistar wata manhajar lissafin kaya, ina biyan naira 7,500 ran ɗaya ga kowane wata. Ran 10 ga Maris na tura wa wakilinsu saƙo ta WhatsApp cewa na daina, na goge manhajar. Yanzu wasu masu karɓo bashi sun dame ni, wai ana bi na 42,500, kuɗin wata biyar da tarar 5,000, kuma za su haɗa ni da 'yan sanda. In biya ko in yi banza da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya tukuna, kuma kada ka yi shiru. Amsa za ka ba su, a rubuce, amma sai ka fara duba hujjarka.

Goge manhaja daga waya ba ya soke rajista, kamar yadda rufe shago ba ya tsayar da kuɗin haya. A nan mutane da yawa suke faɗawa. Abin da zai tsaya maka shi ne saƙon nan na 10 ga Maris. Nemo shi yau, ka ɗauki hotonsa yadda kwanan wata da lambar wakilin za su fito, har da amsarsa in ya amsa, ko da "to" kawai ya ce. Ka tura hoton zuwa wata wayar, don waya ba ta da tabbas.

Sannan ka karanta sharuɗɗan da ka amince da su ranar rajista. Abu biyu za ka nema: ta wace hanya aka ce a soke, kuma sanarwar kwana nawa ake so. A ce an rubuta kwana 30. Daga 10 ga Maris, wa'adin zai cika 9 ga Afrilu, ka ga kuɗin 1 ga Afrilu ya hau kanka. Wannan 7,500 ɗin hakkinsu ne, kuma ni ba zan ce ka danne shi ba. Amma na Mayu zuwa Agusta, 30,000, ba naka ba ne, tarar kuma sai sun nuna inda ka yarda da ita. Idan kuwa sharaɗin ya ce sai ta imel ko cikin manhajar ake sokewa, hujjarka ta yi rauni. Duk da haka, in wakilin ya karɓi saƙon bai gaya maka hanyar ba daidai ba ce, kana da abin faɗa.

Kafin ka amsa, kira kamfanin ta lambar da ke kan tsohon rasit ɗinka, ba wadda ke cikin saƙon masu karɓo bashin ba, ka tambaya ko su suka turo mutanen. 'Yan damfara ma haka suke rubutu. Wanda ya ba ka asusu mai sunan mutum ɗaya, ko ya nemi lambar sirrin katinka, ka rabu da shi.

In ta tabbata nasu ne, rubuta musu kamar haka, ka aika wa kamfanin kwafi:

"Ban amince da wannan bashi ba. Na sanar da wakilin kamfanin soke rajistata ran 10 ga Maris, ga hoton saƙon. Ku aiko mini da yarjejeniyar, da lissafin kuɗin wata-wata, da shaidar cewa kamfanin ya wakilta ku. Daga yau ku tuntuɓe ni a rubuce kawai, kada ku kira iyalina ko abokan cinikina."

Kada ka ƙara komai a kai. Mu mutanen kasuwa mun saba da lallashi, sai ka ji an ce "ku yi haƙuri, zan ɗan rage in na samu". Wannan jimlar, ko tura 5,000 don a huta, za a ɗauke su a matsayin ka amsa bashin. Idan na Afrilu ya tabbata a kanka, ka biya cikin asusun kamfanin bayan sun rubuto cewa da shi magana ta ƙare.

Batun 'yan sanda kuwa, kwantar da hankalinka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Irin wannan rigima ta kotu ce. Abin da ba za ka raina ba shi ne takardar sammaci ta gaske: in ta zo, ka je da hujjojinka. In suka ci gaba da barazana, ajiye kowane saƙo ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. In suka fara tura wa mutanen da ke wayarka saƙo, wannan na hukumar kare bayanai ne, NDPC, ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023.

Ka kuma duba bayanan asusunka daga Afrilu. In katinka yana maƙale da su, sa banki ya toshe cirar kafin ɗaya ga wata.