Kwana huɗu da wuce wa'adi: yadda ake tunin farko

"Kayan gini nake sayarwa a Tawa. Wani kamfani da muka shekara uku muna ciniki ya ɗauki kwano, rodi da ƙusa na jika 750 ranar 2 ga Yuni, a kan zai biya cikin kwana 30. Yau Litinin 6 ga Yuli, shiru kake ji. Ina jin nauyin tambaya, ga shi ni ma mai ba ni kaya yana jirana. Yaya zan tuna musu ba tare da na ɓata tsakaninmu ba?"

Alhaji, ka tuna musu yau ko gobe da safe, kada ka bari mako ya zagayo. Sai dai ka riƙe a ranka cewa tunin farko tambaya ce: ina takardata ta tsaya, kuma wace rana kuɗi za su fito? Wanda ya shekara uku yana biya bai zama mai taurin bashi a kwana huɗu ba. Duba ma kwanakin da kyau. Wa'adi ya cika ranar Alhamis 2 ga Yuli, Juma'a rabin yini ce a buro da yawa, Asabar da Lahadi kuwa ba mai sa hannu a shek. Ke nan a lissafin kontabil ɗinsu, abin da ya wuce bai kai kwana biyu na aiki ba. Da wannan idon za ka rubuta.

Kafin ka taɓa waya, fara bincika gidanka. Babu abin da ke zubar da girman ɗan kasuwa kamar ya tuna wa mutum kuɗin da ya riga ya biya. Ka duba asusunka na banki, domin kuɗin da aka turo daga wani banki daban suna iya kwana ɗaya ko biyu kafin su bayyana. Ka duba saƙonnin wayarka ko an aiko ta Nita ko Amana ba ka lura ba. Ka tambayi yaron shago ko wani ya kawo shek ya ajiye a aljihun tebur.

Daga nan sai ka ɗauko takardu uku ka jera: bon ɗin da suka ba ka na odar kaya, bon ɗin kai kaya wanda mai karɓa ya sa wa hannu, da faktir ɗinka. Kamfani mai tsari ba ya fitar da kuɗi sai waɗannan ukun sun yi daidai da juna. In bon ya ce rodi 60, faktir ya ce 65, takardar za ta kwanta a tebur, kuma sau da yawa ba wanda zai kira ka ya faɗa maka. Haka in babu lambar NIF ɗinka ta haraji, ko an rubuta sunan kamfanin ba daidai ba, ko bon ɗin kai kaya ba shi da hatimi. Akwai kuma wani wuri da ake yawan saɓani: daga yaushe ake ƙirga kwana 30? Kai ka ƙirga daga ranar da kaya suka bar shagonka. Su wataƙila suna ƙirgawa daga ranar da faktir ya shiga hannun kontabil. In ka kai kaya 2 ga Yuni amma takarda ba ta isa buro ba sai 9 ga wata, to a wurinsu wa'adi sai 9 ga Yuli, ba su ma makara ba tukuna. Wasu kamfanonin kuma suna da ranar biya guda ko biyu a wata, duk faktir ɗin da ya kuskure ranar sai ya jira ta gaba.

Sai batun wanda za ka tuna wa. Shugaban ma'aikata da ke wurin gini, wanda ya zo shagonka ya zaɓi kwano, shi ka fi sabawa da shi, amma ba shi ke biya ba. In ka kira shi zai ce maka "in sha Allahu zan yi musu magana", kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, sai aikin gini ya sha kansa. Ka nemi lambar mai riƙe da kuɗi. In babban buronsu yana Yamai, to can takardarka take, ko kuma tana cikin jakar wani ba ta kama hanya ba tukuna. Ka aika wa kontabil kai tsaye, sannan ka sanar da mutuminka cewa ka aika, don kada ya ji kamar an tsallake shi. Kada ka fara da mai kamfanin. Shi ana ajiye shi ne don ranar da ƙananan ƙofofi suka rufe, in ka kai masa ƙara tun kwana huɗu, ka sa kontabil jin kunya gaban maigidansa, kuma kontabil ɗin ne zai riƙa riƙe takardunka nan gaba.

Ga irin abin da za ka rubuta ta WhatsApp, tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe:

"Assalamu alaikum Malam, an tashi lafiya, ya aiki? Daga shagon kayan gini na Tawa ne. Ina tuni a kan faktir lamba 047 na 2 ga Yuni, kuɗi 750.000 F CFA, wanda wa'adinsa ya cika 2 ga Yuli. Ga hoton faktir ɗin da bon ɗin kai kaya. Don Allah a duba mini ko takardu sun iso cikakku, kuma wace rana za a biya. In an riga an tura, a aiko mini da shaidar don in duba wajen banki. Na gode, Allah ya bar zumunci."

Gaisuwar layi ɗaya ce, da gangan. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, kuma tana da wurinta in an haɗu ido da ido, amma a rubuce in gaisuwa ta yi yawa sai maganar kuɗi ta ɓace a cikinta. Mutum ya amsa maka "lafiya lau, ya iyali", shi ke nan an rabu ba a ce komai ba. Lambar faktir kuwa ita ce abin da kontabil zai nema a cikin tarin takardu, bai san ka da "kayan nan na kwanaki" ba.

Kuɗin ka rubuta su da lamba, da F CFA a gefe. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda a baki muna ƙirga da dala, dala kuwa sefa 5 ce. Jika 750 a bakin kasuwa dala dubu ɗari da hamsin ce. In ka aika saƙon murya ka ce "dubu ɗari da hamsin", kontabil da ke aiki da sefa zai nemi faktir na 150.000, bai gan shi ba, ya ce maka babu. Shi ya sa ban son saƙon murya a wannan aiki: ba a iya bincika shi, ba a iya buga shi a saka cikin takardu. In karatu ko rubutu na ba ka wuya, ka sa yaronka ya rubuta, kai ka bi da murya ta gaisuwa. In kuma buron da Faransanci suke aiki, a juya wannan saƙo yadda yake, kada a ƙara masa kaifi.

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu kalmar bashi, babu "kun manta", babu "har yanzu". Waɗannan suna ɗora laifi, mutumin da aka ɗora wa laifi kuwa kare kansa yake farawa da shi kafin ya nemi takarda. Amma kuma babu "a yi haƙuri da damuwa", babu "duk lokacin da hali ya yi". Na san daga kunya irin wannan magana take fitowa, sai dai kontabil da ke da faktir goma da kuɗin biyan shida zai karanta ta a matsayin izini: wannan Alhajin ba ya sauri, a sa shi a baya. Kada kuma ka kawo zancen mai ba ka kaya da ke jiranka. Gaskiya ce, amma tana mai da haƙƙinka roƙo, tana kuma nuna musu hannunka ya yi ƙunci, wanda hakan kan sa a yi maka tayin biyan rabi.

Barazana ma ba lokacinta ba ne. A dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke aiki da ita, akwai takardar gargaɗi ta ƙa'ida da ake aika wa mai saye in ya ƙi biya, akwai kuma neman umarnin biya a kotu. Matakai ne na gaba, masu nauyi. In ka ambace su a kwana huɗu, ka harba harsashinka a iska, ka kuma ɓata cinikin shekara uku. Abin da saƙon yau zai yi maka a wannan fanni shi ne ya bar shaida. In suka amsa a rubuce cewa "mun gani, za mu biya ran kaza", sun amince da kuɗin da adadinsu, don haka kada ka goge hirar.

Amsar da za ta zo ita za ta nuna maka inda kake. In aka ce wata takarda ta rage, wannan amsa ce mai kyau: gyara ta a yinin, ka kai da hannu ko ka sa a motar Yamai, a buga maka hatimin karɓa a kofi. In aka ce "Alhamis 9 ga wata", ka amsa da layi ɗaya, "Na gode, Allah ya kai mu Alhamis 9 ga Yuli", ka rubuta a littafinka, kada ka sake magana sai safiyar Juma'a in ba ka ga komai ba. In aka ce "muna kai" ko "cikin satin nan", ba a ba ka rana ba, sai ka tambaya a hankali: "To madalla, in sa ran Laraba ko Alhamis?" Wanda ke da niyya zai zaɓi ɗaya. Amsar da ya kamata ta sa ka buɗe ido ita ce "mu ma ba a biya mu ba tukuna". A harkar gini ana yawan jin ta, kuma ma'anarta kuɗinka sun rataya a kan wani wanda ba da shi ka yi ciniki ba. Nan ka nemi a biya wani kaso yanzu, ko jika 300, a rubuta ranar cikon jika 450.

In an karanta saƙo ba a amsa ba, ka ba su yini biyu na aiki, ranar Laraba ka kira. A wayar ka yi gaisuwarka cikakkiya, sannan ka ce ka aiko saƙo ran Litinin a kan faktir 047, ko ya iso. Kada ka tare mutuminsu da zancen a ƙofar masallaci ko wajen suna, ko cikin rukunin WhatsApp na ƴan kasuwa. In kuwa a tsakanin nan motarsu ta zo ɗaukar sabbin kaya, ƙaramin abu kamar kwalin ƙusa ka ba su, amma babbar oda ka ce a bari a rufe 047 tukuna, ko a biya wannan hannu da hannu.