Yaron ki da tari: ki fara ƙirga numfashinsa

"Gwaggo, yaron nan shekararsa biyu, yau kwana uku yana zazzaɓi da tari. Inna ta ce a gidan nan jiƙo ake farawa da shi, babansa kuma ya ce zai sayo magani a kemis. Ni asibiti nake so, amma ina jin nauyin tsallake maganar surukata. Ya al'ada ta ce?"

'Yata, al'ada ta ba surukarki haƙƙin a shawarce ta, kuma ki ba ta wannan girman. Amma iyayenmu ba su taɓa cewa a zuba wa yaro ido numfashinsa na sarƙewa ba. Saboda haka kafin a yi gardamar jiƙo ko kemis, ki duba yaron.

Ki bari ya natsu, ko yana barci, ki ɗage masa riga, ki sa agogon waya, ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa cikin minti ɗaya cif. Kada ki ƙirga yana kuka. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50 ne ma'aunin. Sannan ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa: in wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, huhun na wahala. Wannan ita ce limoniya, wadda muke ce wa ciwon haƙarƙari, kuma jiƙo ba ya kashe ƙwayar da ke kawo ta. In kin ga ɗaya daga cikin biyun nan, yau za ku je asibiti. In kuwa ya ƙi sha, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi da ƙyar ake tashinsa, to, ko da tsakar dare ne a nemi abin hawa.

In numfashin lafiya lau, yana ci yana wasa, hanci na yoyo, mura ce, kuma a nan maganar Inna tana da wuri. Ruwan ɗumi da zuma da ɗan lemon tsami yana kwantar da tari, tunda ya wuce shekara. Jariri ƙasa da haka ba a ba shi zuma. Abin da ba na so shi ne sassaƙen da ba a san ƙarfinsa ba, ɗura da ƙarfi wadda ke sa ruwa ya faɗa huhu, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki. Wanzami kuma kada ya taɓa belinsa saboda tari.

Sai dai zazzaɓin kwana uku, ko da murar, yana bukatar gwajin maleriya. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 20 an san amsa.

Maganar kemis ce ta fi damuna. Farasitamol na yara, a kan adadin da aka rubuta wa shekarunsa, babu laifi, amma ki sani zafin jiki kawai yake saukarwa. Yaro ya yi gumi, a ce ya warke, ciwon na ci ta ciki, kwana biyu sun tafi. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa, irin su amoksisilin da seftirin, ba su ne maganin mura ko maleriya ba. In kuma limoniya ce, amoksisilin ɗin ne maganin, amma a kan nauyin yaro ake auna shi, a sha har kwanakin su cika, galibi biyar. Abin da ke faruwa shi ne a sayo kwalba, a ba shi ɗan cokali na kwana biyu, zazzaɓi ya sauka, a ajiye sauran a kan taga don wani lokaci. Ƙwayoyin da ba su da ƙarfi sun mutu, masu taurin sun rage sun hayayyafa, ciwon ya dawo, maganin ya daina ci, sai an kai ga kwanciya da allurai masu tsada. Garin maganin da aka riga aka haɗa da ruwa ma, bayan mako ɗaya ko biyu ya lalace. Kafso ja da yalo ɗin nan da ake fasawa a koko, tetirasaikilin ke nan, ba a ba ɗan ƙasa da shekara takwas, yana ɓata haƙora har abada.

Yadda za ki ɓullo wa Inna: ki kira ta ki ɗage rigar a gabanta, ku ƙirga tare, ki ce, "Inna, duba min ƙirjin jikanki, ko za ki raka mu a auna shi?" Babansa kuma ki faɗa masa kuɗin da zai kai kemis ya riƙe na kati da gwaji. In za ku tafi, ki ɗauki duk abin da aka riga aka ba shi, kwalba ko ƙullin ganye, ki nuna wa ma'aikacin lafiya, ki faɗi ranar da aka fara ba tare da ɓoye komai ba, domin da shi zai san maganin da zai rubuta.

Ki kira ni da zarar kin ƙirga. Allah ya ba shi lafiya.