Hasashen Masoya ko Abin da Marubuci Ya Tabbatar?

Tambaya: "Malam, ni ke kula da wani zauren WhatsApp na masu kallon Naruto, yawancinmu ƴan fada ɗaya ne a unguwar Zariya. Idan aka yi gardama kan asalin wani jarumi, ni ake tambaya. Rannan na ba da amsa daga wani bidiyo, ashe tunanin mai bidiyon ne kawai, na sha kunya. Ta yaya zan gane abin da yake tabbatacce da wayata?" (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Ƙanena, duk wata magana kan tarihin jarumi, ka fara neman adireshinta kafin ka ɗauka: wane babi, wane shafi. Naruto littafin zane ne tun asali. Masashi Kishimoto ya rubuta shi daga 1999 zuwa 2014, babi 700 cikin kundi 72. Wannan littafin shi ne alƙali. Maganar da ba ta da gurbi a cikinsa, ko a wata hira da marubucin ya yi wadda za a iya nunawa, hasashe ce ko da mutum dubu sun turo ta.

Bari mu ɗauki labarin Tobi, mai abin rufe fuska, domin kowane irin ruɗani yana cikinsa. Wanda bai kai ƙarshen labarin ba ya tsallake wannan wuri.

A babi na 239 zuwa 244 an nuna ƙuruciyar Kakashi da abokinsa Obito. Dutse ya danne Obito ta ɓangaren dama, ya ba Kakashi idonsa na hagu, kowa ya ɗauka ya mutu. Daga baya sai ga Tobi, abin rufe fuskarsa da huda ɗaya tak, a idon dama. Masu karatu suka haɗa biyu da biyu: idon da ya rage wa Obito na dama ne, sunayen ma sun yi kama. Suka ce ai shi ne. Hujjojin masu kyau ne ƙwarai, amma shekara da shekaru maganar ba ta wuce hasashe ba, don marubucin bai nuna fuskar ba.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne Tobi da bakinsa ya ce shi Madara ne, wato tsohon shugaban dangin Uchiha da aka ɗauka ya daɗe da mutuwa, sauran jarumai kuma suka dinga kiransa haka. Wannan a cikin littafi yake, yana da babi, yana da shafi. Duk da haka ba gaskiya ba ne. An tayar da Madara na ainihi daga cikin matattu alhali Tobi yana nan da ransa, sa'annan a 2012 abin rufe fuskar ya fashe a ƙarshen babi na 598, aka ga Obito a babi na 599. A ranar ne hasashen ya zama tabbas.

Ka ga ke nan kashi uku ne, ba biyu ba. Akwai abin da marubuci ya nuna da zanensa. Akwai abin da wani jarumi ya faɗa, wanda zai iya zama ƙarya ko kuskure, tunda marubuta kan sa mugu ya yi ƙarya da gangan. Akwai kuma abin da masu karatu suka hango. A ganina na tsakiyan nan ne ya fi kayar da mutane, domin mai shi zai ce maka "ai a ciki na gani", kuma a ciki ɗin ya gani.

Yanzu aikin waya. Buɗe Chrome ka rubuta haka:

```
site:naruto.fandom.com Obito Uchiha
```

Kalmar site: tana hana Google kawo maka komai sai daga wannan shafin. Shafin ba na marubucin ba ne, masoya ne ke rubuta shi, kuma duk mai rajista yana iya sa hannu. Saboda haka kada ka ɗauke shi a matsayin hujja. Amfaninsa ya nuna maka hanya. Shiga sashen Background, inda ake ba da tarihin jarumi, za ka ga ƙananan lambobi a ƙarshen jimloli. Taɓa lambar, za ta kai ka inda aka rubuta babi da shafin da aka samo maganar. Jimlar da ba ta da lamba, ka ajiye ta gefe tukuna. Idan shafin ya yi tsawo, taɓa ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi neman kalma a cikin shafi, ka sa sunan da kake nema. Karatun nan bai cin mega kamar bidiyo ma.

Idan wata jimla ta yi maka baƙo, duba yaushe aka saka ta:

```
naruto.fandom.com/wiki/Obito_Uchiha?action=history
```

Za ka ga jerin gyare-gyare da ranakunsu da sunan wanda ya yi kowane. Maganar da aka cusa shekaranjiya ba tare da lamba ba, game da labarin da ya ƙare tun 2014, abar tuhuma ce. Sai dai lambar ma ba ta isa ita kaɗai ba, don ana iya manna lambar babi na gaske a jikin maganar da babin bai faɗa ba. Idan gardamar ta yi zafi, buɗe babin ka gani da idonka. Gani ya kori ji.

Bidiyo kuwa, saurari bakin mai magana. Idan kana jin "wataƙila", "ina ganin", "alamu sun nuna", to hasashe yake yi, ko da taken bidiyon ya ce an tabbatar. Duba ranar da aka ɗora shi. Wanda aka yi a 2010 yana cewa Tobi Madara ne bai yi maka ƙarya ba, abin da littafin ya kai ke nan a lokacin. Matsalar ita ce idan aka sauke shi aka turo ta WhatsApp ko ta Xender, ranar ta ɓace, sai ka ɗauka na jiya ne. Hoton da aka ce shafin littafi ne ko hira da marubuci, sa shi a Google Lens. Idan duk inda ya ɓullo shafukan mutane ne masu zane don sha'awa, ka san daga inda ya fito.

Akwai wani abu da ya shafe ku musamman, tunda yawancinku a allo kuka san labarin. Kashi na farko na shirin talabijin yana da fitowa 220, na biyu kuma, wato Shippuden, 500, kuma da yawa daga ciki kamfanin da ya yi shirin ne ya ƙirƙiro su don kada ya cim ma littafin. Abin da aka faɗa kan ƙuruciyar jarumi a irin waɗannan ba hasashen masoya ba ne, amma kuma ba alƙalamin Kishimoto ba ne. Rubuta Naruto filler list a Google ka ga ko lambar fitowar tana ciki. Haka nan idan fassarar Hausa kuka kalla, ka san mai fassara yakan ƙara gishiri daga bakinsa don a ji daɗi.

Idan ka zo ba da amsa a zaure, ka sa wa kowace magana alamarta. Da a 2011 aka tambaye ka wane ne Tobi, amsar da ba za ta kunyata ka ba ita ce: "Littafi ya nuna dutse ya danne Obito, tsakanin babi na 239 da 244. Tobi ya ce shi Madara ne, amma shi ya faɗa, ba a nuna fuskarsa ba. Wasu suna ganin Obito ne saboda idon dama, wannan hasashe ne." Idan yau aka tambaye ka, layi ɗaya ya isa: Obito ne, babi na 599.