Kwashe kaya tukuna, gyara daga baya

"Maigida, laftof ɗin hajiyar nan mai shagon buga takardu a Tudun Wada ce. Na duba faifan ajiyarta da CrystalDiskInfo, ya nuna Caution da ruwan ɗorawa. In sa mata chkdsk ne ya gyara wuraren da suka lalace, ko in yi fomatin kawai?"

Ko ɗaya kada ka yi, Sani. Rufe ta ma tukuna, ka zo ka zauna.

Faifan ajiya a yanke yake gida-gida, kowane gida ana ce masa sekta, yana ɗaukar bait 512, a sababbin faifai kuma 4096. Masu ƙera shi sukan ɓoye wasu gidaje na ko-ta-kwana. In gida ya lalace, sai faifan ya rufe shi ya koma ɗaya daga cikin waɗancan. A CrystalDiskInfo, layin 05, Reallocated Sectors Count, shi ke ƙirga irin wannan ƙaura da aka riga aka yi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne C5, Current Pending Sector Count: gidajen da faifan ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa, kuma kayan mutane na ciki har yanzu.

Kada ɗarin da ke ƙarƙashin Current ta ruɗe ka. Raw Values za ka duba, kuma lissafinsa na sha shida-sha shida ne. Na hajiya na ga 18 a C5, wato sha shida ɗaya da takwas, gida 24 ke nan. Rubuta a takarda. In ka sake dubawa bayan awa ɗaya ka ga ya hau, faifan yana cin kansa ne, lokacinka kaɗan ne.

Shi chkdsk /r, tilasta wa faifai yake ya karanta kowane gida, yana ta komawa kan wanda ya ƙi, awa da awanni, ga zafin Gusau. Jakin da ke ɗingishi ne ka ce ya zagaye gari kafin a sauke masa kaya. Ni ma na taɓa yi ina yaron shago. Da dare na bar shi yana aiki, da safe na tarar faifan yana ƙas-ƙas, hotunan bikin mutum suka tafi. Har yau in na hango shi a kasuwa sai in canza hanya.

Kira hajiya ka tambaye ta: in abu uku kawai za a ceto, waɗanne ne? Za ta ce ayyukan ɗalibai da takardun bashi. Da su za ka fara, finafinai su jira. Kafin ka kwance faifan, tabbatar ba a kulle shi da BitLocker ba. In a kulle yake, ka karɓi mabuɗin nan mai lamba 48, in ba haka ba sabon gidan da za ka kai shi ba zai buɗe ba. A laftof ɗinta, buɗe cmd da Run as administrator ka rubuta:

```
manage-bde -protectors -get C:
```

Daga nan ka ciro shi ka jona wa kwamfutar shago, don kada Windows ɗinsa ta riƙa rubutu a kansa. Ka tabbata muna kan inbata, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Kada ka kwafa da jan linzami, don fayil guda mai ciwo zai iya tsayar da komai. Buɗe cmd da Run as administrator. A nan D faifanta ne, E kuwa faifan da za ka zuba kwafin:

```
robocopy D:\Users\Hajiya\Documents E:\ajiya /E /B /XJ /R:1 /W:1 /LOG:E:\rahoto.txt
```

Kula da /R:1 da /W:1. In ka bar su, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Da su kuwa, sau ɗaya zai sake, ya wuce. In ya gama, buɗe rahoton ka duba adadin da ke ƙarƙashin FAILED, ka bi layukan ERROR ka rubuta sunayen waɗanda suka ƙi. Sannan ka buɗe goma cikin waɗanda suka kwafu da hannunka, ka gani da ido.

In kwafin yana tsayawa cik na mintuna, ko faifan yana ɓacewa yana dawowa, dakata ka kira ni. Nan aikin ddrescue ne a Linux, mai kwashe gidaje masu lafiya tukuna, yana riƙe da taswirar inda ya tsaya, kafin ya koma kan masu ciwo. In kuwa ka ji ƙas-ƙas, cire wuta nan take, wannan ya wuce shagonmu.

Sai kaya sun zauna wuri biyu za mu sa mata SSD da sabuwar Windows. Tsohon faifan ka sa shi a leda, ka rubuta sunanta da kwanan wata, ya zauna a durowa mako biyu. Kullum sai bayan kwana uku mai kaya ke dawowa ya ce akwai wata folda a Desktop da ya manta.